Ciwon Diddige a Takun Farko na Safe

Akwai wani ciwon ƙafa mai zuwa a kan lokaci. Mutum ya kwana lafiya lau, babu abin da ya dame shi cikin dare. Da asuba ya sauko daga gado ko ya tashi daga tabarma, yana ɗora ƙafarsa a ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa da diddige. Ya fita yana ɗingishi, yana dafa bango. Kafin ya gama zagayawa ya wanke fuska, zafin ya fara sauka, har ya kama aikinsa kamar ba shi ba. Da rana ya zauna ya ci abinci ko ya ɗan huta a inuwa, in ya miƙe sai ciwon ya sake cafke shi na ɗan lokaci. Ranar da ya yini a tsaye kuwa, da yamma diddigen yakan yi ta zugi.

Masu zuwa wurinmu da wannan kuka suna da yawa, maza da mata, galibinsu masu shekara 40 zuwa 60. Kusan kowa ya riga ya duba tafin ƙafarsa yana neman ƙaya bai gani ba. Babu miki, babu kumburi, fatar kuma lafiyayya ce. Shi ya sa waɗansu sukan ce sanyi ne ya shiga ƙashi, waɗansu kuma hankalinsu ya tashi, su ce ko sun taka wani abin da aka ajiye musu a hanya, ko an ɗebi sawunsu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku kwantar da hankalinku. Wannan ciwo sananne ne, an san inda yake zaune, an san abin da ke kawo shi, kuma mafi yawan maganinsa a gida ake yinsa ba tare da an kashe ko dala ba.

Baka da tsirkiyarsa

Dubi ƙafarka daga gefen ciki. Za ka ga tsakiyarta ba ta taɓa ƙasa sosai, ta ɗan lanƙwasa sama kamar bakan maharbi. Ƙasusuwan ƙafa su ne bakan. Baka kuwa ba ya riƙe lanƙwasarsa sai da tsirkiya. Tsirkiyar ƙafa wata jijiya ce mai faɗi da kauri, mai tauri kamar ƙirgi, wadda take kwance a ƙarƙashin fatar tafin ƙafa. Ta taso daga ƙashin diddige, ta yi gaba tana buɗewa, ta rabu biyar ta kama gindin yatsu. Ba jijiyar jini ba ce. Aikinta riƙe ƙafa ne kada ta baje in nauyi ya hau ta.

Kana iya taɓa ta da hannunka yanzu. Zauna, ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwar ɗayar, kama yatsun ƙafar ka tanƙwara su sama wajen ƙwauri. Sa babban yatsan ɗayan hannun a tsakiyar tafin ƙafar, za ka ji wani abu ya miƙe ya yi tauri kamar igiya. Ita ce. Bi ta da yatsa zuwa baya har inda ta shige ƙashin diddige, a ƙasa, ta ɓangaren ciki, wato ɓangaren da babban yatsa yake. Mai wannan ciwo in an danna masa daidai nan yakan zabura ya janye ƙafa. Wurin bai wuce kan babban yatsan hannu ba.

Duk takun da mutum ya yi, nauyin jikinsa yana danna bakan ƙasa, tsirkiyar kuma tana ja daga gindinta. In jan ya fi ƙarfinta, kullum, wata da watanni, sai gindin ya fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan, kamar igiyar guga da take cinyewa daidai inda aka ɗaure ta. Sunan da likita zai rubuta maka a kati da harshen Turawa yana nufin kumburin wannan jijiya. Amma in ciwon ya daɗe, abin da ke wurin ya fi kama da gajiya da lalacewa, kumburin kaɗan ne. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayoyin kumburi kaɗai ba sa raba mutum da shi.

To, me ya sa sai da safe? In mutum yana barci, ƙafarsa takan saki, yatsu su dubi ƙasa. A haka jijiyar tafin ƙafa da tsokar bayan ƙwauri duk suna kwance a taƙure har gari ya waye, jiki kuma yana ƙoƙarin ɗinke 'yan tsagogin nan a taƙuren. Da ka miƙe tsaye, nauyinka duka ya faɗa mata gaba ɗaya, ya fizge ta ba shiri. Wannan fizgar ita ce ƙusar da kake ji. In ka yi 'yan taku, jijiyar ta yi laushi, zafin ya sauka. Ka sake daɗewa a zaune, ta sake taƙurewa.

Laifin sha-raɓa

Mutane sukan yi mamaki in suka zo da ciwon diddige muka kama taɓa musu sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙwauri. Ga dalilin. Ƙashin diddige yana tsakanin masu ja biyu. Daga ƙasa jijiyar tafin ƙafa tana riƙe da shi. Daga baya kuma agara tana riƙe da shi, agara kuwa igiyar sha-raɓa ce. Lokacin tafiya, kafin diddige ya ɗaga daga ƙasa, dole ne ƙwauri ya karkata gaba a kan idon sawu. In sha-raɓa ta yi tauri ta gajarce, ba ta barin ƙwauri ya karkata yadda ya kamata. Sai ta ɗaga diddige tun lokaci bai yi ba, ƙafa kuma ta baje don ta rama, nauyin duka ya koma kan tsirkiyar nan. Ciwon a diddige yake, amma sau da yawa mai jan igiyar yana sama.

Sha-raɓa ba tsoka ɗaya ba ce, biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ta waje, wadda ake ganin tudunta, ta taso daga saman gwiwa ta baya, saboda haka ba ta miƙewa sai gwiwa tana miƙe. Ta ciki ta taso daga ƙasan gwiwa, ita kuwa an fi samun ta in gwiwa tana ɗan lanƙwashe. Ka riƙe wannan, domin shi ya sa za mu koya maka miƙewa iri biyu a jikin bango. Nan ma akwai abin da ke ruɗin mutanenmu. Wani zai ce, ai ni ina tsugunawa diddigena a ƙasa, yaya za a ce sha-raɓata ta yi tauri? Tsugunno da lanƙwasasshiyar gwiwa ake yinsa, tsokar waje a sake take. Mutum yana iya tsugunawa lafiya alhali ta wajen ta yi tauri ƙwarai.

Ga awon da za ka yi wa kanka. Tsaya ka fuskanci bango, ka sa ƙafa ɗaya gaba, tsakanin babban yatsanta da bango ya zama faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Lanƙwasa gwiwa ka kai ta jikin bango ba tare da diddige ya ɗaga ba. Yi da ɗayar ƙafar, ka gwada su. In mai ciwon ba ta kai ba sai ka matso da ita kusa, idon sawunta ya taƙure. Awo na biyu, zauna a tabarma ka miƙe ƙafafu, gwiwoyi a miƙe, ka jawo yatsu wajenka. Ƙafar da ta kasa tsayawa cak, kuma bayan ƙwaurinta ya ɗaure, tsokarta ta waje ce ta gajarce.

Ban da taurin sha-raɓa, abubuwa biyu ne muka fi gani. Na ɗaya doguwar tsayuwa a kan daɓe mai tauri ko siminti, ba takalmi ko da silifa da ta cinye. Na biyu ƙaruwar nauyi, ko na jiki ne, ko na kaya a ka, ko na goyo. Sau da yawa kuma in an bi sawu sai a tarar wani abu ya sāke 'yan makonni kafin ciwon ya fara: an koma sabuwar gona mai nisa, rijiyar kusa ta ƙafe ana zuwa ta nesa, ko an sami aikin gadi.

Kafin ƙafa ta taɓa ƙasa

In abu ɗaya kaɗai za ka ɗauka daga wannan ɗan littafi, ɗauki wannan: kada ka taka ƙasa da safe sai ka miƙar da ƙafar tukuna. Ajiye zane, ko majanyi, ko rawani kusa da wurin kwanciyarka tun da dare.

Da ka farka, zauna ka miƙe ƙafar mai ciwo, gwiwa a miƙe. Rataya zanen a tafin ƙafar daidai gindin yatsu, ka riƙe bakinsa biyu, ka jawo wajenka a hankali har ka ji bayan ƙwauri ya ɗaure. Tsaya a nan ka ƙidaya ɗaya zuwa 30, ba da gaggawa ba. Saki, ka sake, har sau 3.

Sa'an nan sai ita kanta jijiyar tafin ƙafar. Ɗora ƙafar a kan gwiwar ɗayar kamar yadda ka yi ɗazu. Kama yatsun duka daga gindinsu, har da babban, ka tanƙwara su wajen ƙwauri. Taɓa tafin ƙafar da ɗayan hannun. In ka ji igiyar nan ta yi tauri, ka kama daidai, in kuwa ba ka ji ta ba, kan yatsu kawai kake lanƙwasawa. Riƙe ka ƙidaya zuwa 10, ka saki, ka maimaita sau 10. Duka biyun ba za su ci maka fiye da minti 5 ba. Daga nan sa takalmi, sa'an nan ka miƙe. Wannan na yatsu, a yi shi sau 3 a yini, kuma duk lokacin da aka daɗe a zaune, ko a mota ne, ko a wurin taro, ko a sujada, a yi ko sau 3 ne kafin a tashi. Wanda cikinsa ko gwiwarsa ba za su bar shi ya ɗora ƙafa ba, wani na gida ya tanƙwara masa.

Na jikin bango kuwa, da hantsi da kuma yamma ake yinsa, da takalmi a ƙafa. Dafa bango ko gindin itace da hannu biyu. Mai da ƙafar mai ciwo baya kamar taku ɗaya mai faɗi, lafiyayyar tana gaba. Yatsun ƙafar baya su dubi bango sak, diddigenta a manne da ƙasa, gwiwarta a miƙe. Lanƙwasa gwiwar gaba, ka tura ƙugu wajen bango har ka ji ja a tudun sha-raɓa. Ƙidaya zuwa 30, sau 3. Bayan haka matso da ƙafar bayan kaɗan, ka ɗan lanƙwasa gwiwarta ita ma, diddige dai a ƙasa. Yanzu jan zai sauko kusa da agara. Shi ma 30, sau 3. In ka gama, yi wa ɗayar ƙafar, domin mai ɗingishi yakan jibga wa lafiyayyar nauyi har ita ma ta kamu.

Ja ake so ka ji, ba zafi mai suka ba, kuma a bayan ƙwauri, ba a diddige ba. In diddige ne yake suka, ka matsa da yawa, sassauta. Kada ka riƙa dannawa kana saki kamar mai daka, tsoka takan ƙara ɗaurewa in an fizge ta. Tsayawa cik ake yi.

Waɗansu suna jin daɗin mirgina kwalba ko taɓarya a ƙarƙashin tafin ƙafa da yamma suna zaune, na 'yan mintoci. Ba laifi, yana rage gajiya, in kwalbar da ruwan sanyi ma ya fi. Sai dai ƙari ne kawai, bai maye gurbin miƙewa ba.

Wata mai sayar da abinci

Bari in ba ku labarin wata mata, domin abin da ya same ta shi yake samun yawancin masu wannan ciwo. Shekararta 47, tana sayar da shinkafa da miya a tashar mota. Dā a ƙarƙashin itace take, a kan rairayi. Da ta sami rumfa mai siminti sai ta koma can, tana tsaye tun hantsi har la'asar, da silifar da diddigenta ya cinye ya zama kamar ganye. Jikinta kuma ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Wata 2 da komawa rumfar, diddigen dama ya fara. Ba ta zo wurinmu ba sai da ciwon ya yi wata 4. Kafin nan an yi mata tsaga an shafa magani, tana kuma shan ƙwayar dikulofenak da take saya a kasuwa, safe da yamma, har ƙirjinta ya fara zafi. Zafin cikin ne ma ya kawo ta.

Muka duba ƙafar. Babu kumburi, babu zafin taɓawa, tsagar ta warke. Da aka danna gindin jijiyar ta ɓangaren ciki sai ta yi ƙara. Da aka matse ƙashin diddigen daga gefe da gefe ba ta ji kome ba, wannan kuwa ya kwantar mana da hankali cewa ƙashin bai tsage ba. Tana jin taɓawa a duk yatsunta, awon sukari kuma ya fito daidai. A jikin bango, gwiwar hagu ta kai daga faɗin yatsa 4, ta dama ba ta kai ba sai daga yatsa 2.

Muka ce ta daina ƙwayar, muka ba ta maganin ciki, muka koya mata miƙewar. Muka ce ta sayi takalmi mai kaurin ƙasa, ta shimfiɗa buhu biyu ko kwali a inda take tsayawa, ta sa kujera kusa da tukunya ta riƙa zuba abinci a zaune in ba cunkoso. Muka kuma ba ta ma'auni: kowace safiya ta lura da inda ɗingishin yake ƙarewa. A lokacin, sai ta fita ɗaki, ta ratsa tsakar gida, ta je bayan gida ta dawo, ta hura wuta, sa'an nan yake sakinta.

Bayan mako 2 ta dawo ranta a ɓace. Ta ce, “Likita, ni dai ban ga wani sauƙi ba. Ku yi mini allura kawai in huta.”

Na ce, “To, Mama, tashi ki gwada mini yadda kike yi.”

Da ta dafa bango sai ga ƙafar bayan ta karkace waje kamar ta agwagwa, diddige kuma ya ɗan ɗaga. A haka sha-raɓa ba ta miƙewa ko kaɗan, tafin ƙafar ne kawai yake bajewa, wato tana ƙara wa jijiyar wahala. Na safen kuma, ashe sai ta je ta zagaya ta dawo take yinsa, bayan fizgar ta riga ta auku. Muka ja mata layi a ƙasa daga bango, ta ɗora diddige da yatsa na biyu a kansa, nan take ta ce, “Af, yanzu na ji shi a nan,” tana nuna tudun sha-raɓa. Muka ce ta ajiye ɗankwali a ƙarƙashin matashi saboda safiya.

A mako na 6 ɗingishin yana ƙarewa tun a ƙofar ɗaki, ko da yake ranar kasuwa tana jin zugi da yamma. A nan muka ƙara mata aikin ƙarfafa ƙafa. Ta tsaya a bakin dakali ko matakala da gaban ƙafa, diddige a waje, an naɗe ƙyalle an sa a ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, tana dafe da bango. Ta ɗaga diddige a hankali tana ƙidaya 3, ta tsaya 2, ta sauke a hankali tana ƙidaya 3. Da ƙafa biyu ta fara, sau 10 zuwa 12, ta huta, ta sake har zagaye 3, yau a yi gobe a huta. Da ya yi mata sauƙi ta koma ƙafa ɗaya. Ba a fara wannan lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa.

A wata na 3 ta ji ta warke, ta bar kome. Aka yi biki a danginta, ta yi kwana 3 tana tsaye a kan tukwane da tsohuwar silifarta, ciwon ya dawo. Ba ta firgita ba wannan karon, ta koma kan miƙewarta, cikin mako 3 ya lafa. Sai wajen wata na 7 ta iya cewa ta manta da shi. Har yanzu tana jan ɗankwalinta da safe.

Kada wata 7 ya ba ku tsoro, kada kuma ku sa ran kwana 7. Irin wannan jijiya ba ta samun jini da yawa kamar tsoka, saboda haka gyaranta a hankali yake tafiya. Yawanci akan fara ganin bambanci tsakanin mako 4 zuwa 8. Cikin mutum 10 masu wannan ciwo, 8 ko 9 sukan warke kafin shekara ta zagayo ba tare da an yi musu aiki ba. Wanda ya fara da wuri ya fi saurin samun sauƙi.

Takalmi da aiki

Ba mu cewa manomi ya bar gonarsa ko mace ta bar ɗiban ruwa, mun san ba zai yiwu ba, kwanciya kuma ba ta warkar da wannan ciwo. Ragewa ake yi. A raba tafiya mai nisa kashi biyu, a ɗauki rabin kaya, a bar wa yara jarka mai lita 20 na 'yan makonni, a hau keke ko amalanke in akwai. In ciwon gobe da safe ya fi na yau, aikin jiya ya yi yawa.

Takalmin da ake so shi ne mai kaurin ƙasa da ɗan laushi, wanda diddigensa ya ɗan fi gabansa tudu kamar kaurin yatsa, mai maɗauri a baya in an samu. Gwada shi a hannu tun a kasuwa: ya lanƙwasa a wajen yatsu kaɗai. Wanda yake naɗewa a tsakiya kamar tabarma ba zai taimake ka ba. Takalmin taya yana da ƙarko, yana kuma kare ƙaya, amma yana da tauri, sai a kai wa mai gyaran takalmi ya manna soso ko guntun sabuwar silifa a wajen diddige, ƙafa biyu duka don kada ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A cikin gida ma a sa takalmi har ciwon ya wuce. Mai ƙiba kuwa, ko kilo kaɗan ya rage, diddigensa zai shaida.

Ƙwaya, allura da hoto

In zafi ya matsa, babba yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2, har sau 3 a yini. Ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci. Shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana ɓata ƙoda, yana ta da hawan jini. Mai juna biyu, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko hawan jini, kada su sha sai ma'aikacin lafiya ya ce.

Akwai allurar kotizon da likita yake yi a gindin jijiyar. Tana kawo sauƙi, amma sau da yawa na 'yan makonni ne, kuma in an yawaita ta jijiyar tana iya tsinkewa, kitsen da ke ƙarƙashin diddige kuma ya narke. Wannan kitse shi ne gammon ƙafa, in ya tafi ba ya dawowa. A ganina a ajiye allurar sai ga wanda ya yi wata 3 ko fiye yana miƙewa daidai bai sami sauƙi ba, kuma likita ne kaɗai zai yi ta. Kada ka yarda wani mai yawo da jaka ya soka maka allura a diddige. Abin da ya fi allura sauƙi shi ne ɗaurin filasta da muke yi a tafin ƙafa, yana tallafe bakan na 'yan kwanaki, yana da amfani in akwai tafiyar da ba makawa.

Waɗansu sukan zo da hoton ƙashi a hannu, an nuna musu wani ɗan tsini a ƙarƙashin ƙashin diddige kamar ƙaya, suna so a cire. Tsinin nan ba shi ne yake sukar ka ba. Gaba yake kallo, ba ƙasa ba. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, waɗanda suka warke kuma tsininsu yana nan. Yawancin masu wannan ciwo ba sa bukatar hoto, labarinsu da hannun mai dubawa sun isa, gara a sa kuɗin a takalmi.

Tsaga da sakiya da lalas ba sa kaiwa inda ciwon yake, sai dai su bar miki a wurin da ake takawa cikin ƙura da kashin dabbobi. Ta nan ƙwayar sandarewar jiki take shiga, mai ciwon sukari kuma yana iya rasa ƙafarsa a kan ɗan miki irin wannan.

In ba shi ba ne

Ba kowane ciwon diddige ne wannan ba. Alamarsa dai ita ce wadda muka faɗa: zafi a ƙarƙashin diddige ta ciki, mai tsanani a takun farko, mai sauka in an ɗan yi tafiya, ba kumburi. In diddigen ya kumbura, ya yi ja ko zafin taɓawa, ko akwai zazzaɓi, ko ka tuna ka taka ƙaya ko ƙusa, ka zo asibiti ran nan, wataƙila ruwa ne ya taru. In ƙafar tana yin kamar ba taka ba, ko tana ƙuna da dare, ko akwai mikin da ba ya zafi, wannan na jijiyar ji ne, sai an auna sukari an kuma duba fata saboda kuturta. Wanda ya san yana da ciwon sukari, kowane ciwon ƙafa ya kawo a duba kafin ya fara wani abu.

In zafin yana ƙaruwa da kowane taku maimakon ya ragu, kuma matse diddige daga gefe da gefe yana da zafi, musamman bayan faɗuwa ko doguwar tafiya, ƙashin yana iya zama ya tsage, a nan hoto yana da amfani. Ciwon da ke hana barci, ko mutum yana kwance bai taka ba, shi ma a kawo shi. Saurayi mai ciwon diddige biyu, wanda bayansa yake sandarewa da safe ko gaɓoɓinsa suke kumbura, likita ya kamata ya gani. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai ciwon diddige bayan ƙwallo, nasa yawanci na girman ƙashi ne, yakan wuce, amma a duba shi. In kuwa ciwon a bayan diddige yake, a kan agara, kuma kana shan maganin sifurofulokzasin ko ka gama shi kwanan nan, kada ka miƙar da ƙafar, domin maganin yana iya raunana agara. Ka zo da kwalin maganin a hannunka.

Wanda kuma alamunsa suka yi daidai da abin da muka bayyana, ya yi mako 6 yana miƙewa bai ga bambanci ba, ya zo da takalman da yake sawa kullum, da zanen da yake ja da shi, ya gwada mana yadda yake yi a jikin bangon asibiti.